Kafin Ka Tura Sanarwar Rasuwa

A yawancin gidajen Jalingo, idan aka yi rasuwa a yau, dattijai ne ke yanke shawara, amma matashi ake miƙa wa waya a ce ya sanar. Aikin da sanƙira ko ladan ko yaron mai unguwa ke yi a da, yana bi gida-gida da ƙafa, ya dawo hannunku, ku da ke riƙe da zaurukan WhatsApp na unguwa, na masallaci, na dangi, na 'yan kasuwa da na tsofaffin ɗalibai. Shi ya sa nake so mu yi maganar wannan aiki, ƙannena, domin ina ganin sanarwa da yawa da ke cike da kuka da yabo, amma wanda ya karanta ba ya sanin ƙarfe nawa zai fita, ko ina zai dosa.

Sanarwar rasuwa saƙon aiki ce. Wanda ya karanta ta yana shago a babbar kasuwa, ko yana ofis, ko yana gona a Ardo Kola, kuma cikin minti ɗaya zai yanke shawara: ya rufe shago yanzu, ko ya jira azahar, ko ya haƙura da jana'iza ya zo gaisuwa da yamma. Duk kalmar da ba ta taimake shi wajen wannan shawara ba, tana iya jira zuwa gobe.

Addini ma a kan haka ya tsaya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da rasuwar Najashi, sarkin Habasha, a ranar da ya rasu, ya fita da sahabbai suka yi masa salla. Da aka binne matar nan mai sharar masallaci ba tare da an gaya masa ba, ya nuna bai ji daɗi ba, ya sa aka nuna masa kabarinta. A ɗaya gefen kuma an hana irin shelar jahiliyya, wadda ake yawo ana kururuwa ana lissafa bajintar mamaci. Malamai sun haɗa biyun suka ce sanar da mutane domin su zo salla abu ne mai kyau, shela domin alfahari ita ce abin ƙi. Idan ka ga sanarwarka ta fi tsawo a wajen muƙamai da kirari fiye da wajen lokaci da wuri, ka san ɓangaren da ka karkata.

Abu na farko dai, ka tabbata an rasu. Kar ka yi dariya. Mutanen Taraba ba su manta da ranar 25 ga Oktoba 2012 ba, lokacin da ƙaramin jirgin da Gwamna Danbaba Suntai ke tuƙawa ya faɗi kusa da Yola. Kafin dare ya raba labari ya bazu cewa ya mutu, alhali yana asibiti da ransa, kuma bai rasu ba sai ranar 28 ga Yuni 2017. Idan gwamna mai jami'an yaɗa labarai aka yi masa haka, ina ga talakan da ya suma a gadon asibiti, wata ta fasa ihu, wani da ke bakin ƙofa ya ji ya ɗauki waya? Majiyarka ta zama wanda ke kan gawar, ko babban gidan da shi aka gaya wa kai tsaye. "Na gani a sitatus ɗin wane" ba majiya ba ce.

Ko ka tabbatar, ba ka da ikon sanarwa sai masu gawa sun ba ka. Dalilin a fili yake. Akwai mutanen da bai kamata su ji mutuwar nan ta waya a cikin taro ba: uwa, uba, mata ko miji, 'ya'ya, da duk wanda aka san yana fama da hawan jini ko yana da tsohon ciki. Waɗannan ana tura musu mutum, ko a kira wanda ke kusa da su a ce ya je ya zauna da su kafin a faɗa. Iyayenmu sun iya wannan, sukan ce "jikin Baba ya tsananta, ka kamo hanya," don kada ɗa ya tuƙa mota hankali a tashe. Duk wannan dabara tana rushewa da zarar wani yaro ya ɗora hoton mamacin a zauren dangi. Don haka ka yi wa babban gida tambaya ɗaya kafin ka taɓa komai: "Kawu, akwai wanda ya rage bai ji ba?" Idan ya ce saura Hajiya, ka ajiye wayar.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ɗauka wani dattijo mai sayar da hatsi, mazaunin Sabon Gari, ya rasu a asibiti da ƙarfe 3 na daren Litinin, wayewar Talata. Mahaifiyarsa na da rai, tana Magami wurin ƙanwarsa. Babban ɗansa yana aiki a Yola, 'yarsa tana aure a Mutum Biyu, wansa kuma yana Karim Lamido, sai ya tsallako Binuwai. Kai ne sakataren zauren unguwa, an kira ka da asuba.

Ba za ka iya rubuta lokaci ba tukuna, domin ba a tsintarsa a ka. Lissafa shi ake yi. Sai asibiti ta sallami gawa, wanda ke nufin takarda da biyan abin da ya rage, kuma da wuya hakan ya kammala kafin gari ya waye sosai. Sai a kawo shi gida a yi wanka a sa likkafani. A daidai lokacin wasu sun tafi maƙabarta, kuma haƙar kabari da rani, ƙasa ta bushe ta yi tauri, tana iya cin awa biyu ko fiye, balle a gamu da dutse. Sai kuma tambayar wa za a jira. Ɗan da ke Yola, idan ya taso bayan sallar asuba, a ba shi kamar awa uku, zai iso kafin 10. 'Yar Mutum Biyu ta fi shi kusa. Wan da ke Karim Lamido kuwa ba a san lokacin da zai samu tsallakawa ba. A nan dattijai za su auna: sunna ta ce a gaggauta, zafin Maris da Afrilu a Jalingo ma bai yarda da jinkiri ba. Sau da yawa za su ce a jira ɗa, wan ya tarar da zaman makoki. Sai a tuntuɓi liman, ya ce ƙarfe 11 ya yi, kafin rana ta take tsaka. Yanzu ka samu lokaci.

Liman na da dalilin kallon rana. Akwai lokuta uku da aka hana sallar gawa da binnewa a cikinsu: lokacin da rana ke hudowa har ta ɗaga, lokacin da ta tsaya a tsaka har ta karkata, da lokacin da ta sunkuya za ta faɗi. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a nan, ana iya sallar jana'iza bayan la'asar matuƙar rana ba ta yi ja ba. A Jalingo kuwa magariba na faɗuwa tsakanin 6 saura da 6 da rabi da 'yan mintoci, gwargwadon wata. Wanda ya sa jana'iza ƙarfe 5 da rabi a watan Nuwamba, ga tafiya maƙabarta, zai ƙarasa rufe kabari da fitilar waya. Wannan lissafi ba naka ba ne, amma ka san shi, don ka gane me ya sa ba a sauya lokaci saboda wani babba ya ce yana hanya.

Tsakanin asuba da lokacin da aka tsayar da shawara, mutane sun fara ji, wayoyi na ta shigowa. Idan gida ya yarda, kana iya tura gajeren saƙo na farko: Allah ya yi wa wane rasuwa, za a sanar da lokacin jana'iza a nan, kada a yaɗa wani lokaci kafin nan. Wannan ya fi shiru, domin shiru ne ke ba masu hasashe dama, wani ya ce 9, wani ya ce bayan azahar, jama'a ta rabu biyu.

"Bayan azahar" ɗin nan ita ce babbar matsalar sanarwarmu. Azahar ta wane masallaci? A unguwa ɗaya za ka samu masallacin da ke tayar da salla ƙarfe 1, wani 1 da rabi, wani sai 2 ta wuce. La'asar ma haka. Sallar jana'iza kuma kabbara huɗu ce a tsaye, babu ruku'u babu sujada, ba ta kai minti biyar ba. Wanda ya makara da minti goma bai rasa wani ɓangare ba, ya rasa duka, sai ya bi ƙurar motoci. Saboda haka ka rubuta agogo, ka kuma faɗi masallacin: ƙarfe 2 daidai, bayan sallar azahar ta masallacin kaza. Ka ƙara "na safe" ko "na rana" ko "na yamma". Kada kuma ka rage lokacin wai don mutane su zo da wuri. Wannan dabarar biki ce. Idan ka ce 10 alhali 11 ne, ka shanya tsofaffi a rana awa guda, kuma gobe ba wanda zai yarda da agogonka.

"Yau" da "gobe" ma suna yaudara. Saƙon da ka tura ƙarfe 11 na dare kana cewa gobe, wani zai buɗe datarsa da safe ya karanta gobe, ya ɗauka yana da kwana guda. Saƙo kuma yana yawo daga zaure zuwa zaure, wani lokaci har bayan mako ya dawo, mutane su sake ɗaga hankali. Ka sa sunan rana da kwanan wata. Wannan ya fi zama dole idan gawa na zuwa daga nesa. Lokacin da Sanata Aisha Jummai Alhassan, Mama Taraba, ta rasu a Alƙahira ranar 7 ga Mayu 2021, sai da aka kwana aka wuni kafin a kawo ta Jalingo a yi mata sutura. A irin wannan hali sanarwa ɗaya ba ta isa, kuma ba a faɗin ranar jana'iza sai an tabbatar da jirgi ko mota ta taso.

Sai wuri. Matasa kan manta cewa wurare uku ne, wani lokaci huɗu: inda za a yi salla, maƙabartar da za a kai shi, da inda za a zauna karɓar gaisuwa, wanda shi ma kan rabu, maza a ƙofar wani gida, mata a cikin wani. A misalinmu, gidan mamacin yana cikin lungu, don haka za a fito da makara filin ƙofar masallacin unguwa. Za a kai shi maƙabartar Jekadafari. Maza za su zauna a ƙofar gidansa a Sabon Gari, amma mahaifiyarsa ba ta iya tasowa, masu yi mata gaisuwa sai su je Magami. Idan ba ka faɗi maƙabarta ba, wanda ya makara ba shi da inda zai tare jama'a, alhali an yi alkawarin lada daban ga wanda ya tsaya har aka rufe kabari.

Kwatancen wuri kuma a yi shi yadda direban keke zai gane. Lambar gida ba ta kai kowa ko'ina a garin nan. Ka fara da unguwa, sai babban titi, sai wata alama da ba ta motsi: masallaci, makarantar firamare, gidan mai, taransifoma. "Kusa da mai shayi" ba kwatance ba ne da ƙarfe 11 na safe, ya riga ya tashi. Idan ka iya, ka tsaya a daidai wurin ka tura alamar taswira, amma kada ta maye gurbin rubutu, don ba kowace waya ke buɗe ta ba.

Sunan mamaci ma na bukatar kulawa. Alhaji Umaru nawa ke Jalingo? Ka faɗi cikakken suna, ka haɗa da wanda aka san shi da shi, laƙabi ko sana'a, da unguwa. Idan mace ce, wataƙila rabin masu karantawa ba su taɓa jin sunanta na yanka ba, sun san ta ne da Inna ko Dada ko Goggo, sai ka ce matar wane, mahaifiyar wane da wane. A zauren tsofaffin ɗalibai ka ce mahaifin abokin karatunmu wane, don ta nan ne suka haɗu da shi.

Ga yadda saƙon misalinmu zai kasance bayan Innalillahi: "Allah ya yi wa Alhaji wane, mai hatsi, na Sabon Gari, mahaifin wane da wance, rasuwa a daren jiya bayan jinya. Za a yi jana'iza yau Talata 12 ga wata, ƙarfe 11 na safe daidai, a ƙofar masallacin kaza, Sabon Gari, bayan makarantar firamare. Daga nan za a wuce maƙabartar Jekadafari. Zaman gaisuwa kwana 3 a ƙofar gidansa. Mahaifiyarsa tana gidan wance a Magami. Mai neman kwatance ya kira wane a wannan lamba. Sanarwa daga ƙaninsa, wane. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan." Ka lura lambar da aka sa ba ta matarsa ba ce, ba ta ɗansa ba. Ta wani maƙwabci ne mai caji a waya da natsuwa a zuciya. Ka lura kuma an ce "bayan jinya" an tsaya. Sunan cutar, da yadda haɗari ya auku, da wa ake zargi, sirrin iyali ne. Hoton gawa, ko na gadon asibiti, ko bidiyon mata suna kuka, ba su da gurbi ko kaɗan. Mutumin da ake lulluɓe shi ko a wajen wanka, bai dace a tone shi a waya ba.

Ka karanta saƙon nan da murya ka tura, don tsofaffi da waɗanda boko bai zauna musu ba. Idan dangin Fulani ne ko Mumuye, ka samu wanda zai maimaita da harshensu. Ladan ya faɗa a lasifika, a kuma kira waɗanda ba su da babbar waya. Maƙwabta da abokan aiki Kirista, waɗanda a garin nan kusan kowa na da su, ka gaya musu a fili cewa yau za a binne, domin a wajensu an saba ɗaukar kwanaki ko makonni ana shiri, kuma da yawansu kan ji zafi idan suka zo suka tarar an gama.

Da zarar saƙo ya fita, addu'o'i za su yi ta zubowa, ɗari ko fiye, kuma sanarwar za ta nutse. Ba laifi ba ne yin addu'a, amma mai kula da zaure ya maƙale sanarwar a sama, ko ya rufe zauren har a dawo daga maƙabarta. Idan lokaci ya sauya, kada ka dogara da gyara tsohon saƙo. WhatsApp na ba da minti 15 ne kawai a gyara, kuma kwafin da aka riga aka tura wasu zauruka ba zai sauya ba. Ka rubuta sabo, ka fara da kalmar GYARA, ka faɗi tsohon lokaci da sabo, ka bi duk inda ka san na farko ya je.

Maganar taimako ita ce inda nake ganin an fi yin sakaci. "Duk mai hali ya taimaka" jimla ce da kowa ke karantawa ya ɗauka da wani ake. Ka raba taimakon gida biyu. Na kafin binnewa aikin 'yan awoyi ne, kuma gara a yi shi da kira a ƙaramin zauren samarin unguwa: mutum shida su bi masu haƙa da diga da shebur, biyu su kai jarkokin ruwa don kwaɓa ƙasa, wani ya tabbatar da itacen rufi, wani ya ɗauko makara daga masallaci, masu mota su faɗi mutum nawa za su ɗauka. A rubuta suna a gaban kowane aiki. Idan ba a yi haka ba, sai a iso maƙabarta da mutum ɗari uku a tarar ba ruwa.

Na bayan binnewa shi ne abinci, tabarmi, rumfa, kujeru, butoci da ruwan sha. Asalin abincin nan sananne ne: da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi ya umarci a dafa wa iyalinsa, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Wato maƙwabta ke ciyar da gidan rasuwa, ba gidan rasuwa ke ciyar da gari ba. Abin da ke faruwa kuwa shi ne, ranar farko kuloli ashirin su taru har shinkafa ta lalace, ranar uku a rasa ko kunu, ga baƙi daga Zing da Bali sun kwana. Mace ɗaya mai faɗa a ji a unguwa ta riƙe jadawali, ta ce gidan wane kumallon Laraba, gidan wance abincin daren Alhamis, sai a sa lambarta a zauren mata. Zancen sadakar uku ko bakwai ko arba'in kuma, wasu gidaje na yi, wasu ba sa yi, kuma kowa na da malamansa. Ka rubuta abin da masu gawa suka ce, kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka bari a mai da sanarwar filin muhawara.

Kuɗi ne mafi haɗari. Kada ka sa lambar asusu sai iyali sun ce a sa, domin akwai gidan da zai ɗauki hakan a matsayin tozarci, kamar an ce suna bara da gawarsu. Idan sun yarda, asusu ɗaya, a rubuta sunan banki da sunan mai asusun da dangantakarsa da mamaci, a faɗi abin da za a yi da kuɗin: ragowar kuɗin asibiti ne, ko na marayu. Masu damfara kan kwafe sanarwa su sauya lamba su tura gaba, shi ya sa sunan ke da muhimmanci: ka ce wa mutane idan sunan da ya fito musu a waya ba shi ba ne, kada su tura. Kuma ni dai a ra'ayina wannan ya zo a saƙo daban, bayan an dawo daga maƙabarta. Bayan kwana uku mai riƙe asusun ya faɗi jimillar abin da aka samu da wanda aka damƙa wa, a gaban shaidu biyu. Jerin sunaye da adadin da kowa ya bayar ba dole ba ne, yana kunyata mai ƙaramin ƙarfi.

Layi ɗaya ya rage, wanda liman ko wani dattijo kan faɗa a bakin makara amma da wuya ya shiga sanarwar waya: wanda ke bin mamaci bashi, ko mamaci ke bin sa, ko yake riƙe da ajiyarsa, ya tuntuɓi wane. Ga ɗan kasuwa irin na misalinmu, wanda ya ba da buhunan masara bashi a Iware ya kuma karɓi na wasu bai biya ba, mutanen da abin ya shafa da yawa ba su halarci jana'izar ba, kuma ba a raba gado sai an biya bashi. Ka sa wannan layi a saƙon godiya na rana ta uku, ka tura shi musamman zauren 'yan kasuwar, tare da sunan mutum ɗaya da magada suka amince ya karɓi bayani a asirce, da ranar da za su zauna su duba littafin shagon.